Ɗana ya shiga mako na uku da ciwon maƙogwaro, kaluluwa a wuya da zazzaɓi, an yi maganin maleriya da taifot bai ji ba

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min da shawara. Ɗana shekararsa 16, yana makarantar kwana. An kira mu muka ɗauko shi saboda zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko yawu da ƙyar yake haɗiyewa. Kaluluwa ta fito masa a wuya dama da hagu, har ta bayan wuya wajen ƙeya. A makaranta an ba shi maganin maleriya. Da ya dawo gida muka je kemis aka yi gwaji aka ce taifot ne, aka ba shi amoksisilin da wata allura. Kwana bakwai da fara sha ƙuraje jajaye suka feso masa a ƙirji da baya da hannuwa, sai muka tsayar. Yanzu maƙogwaron ya ɗan yi sauƙi, amma zazzaɓin yana dawowa da yamma, ga kasalar da ban taɓa ganin irinta ba. Yaron da ba ya zama saboda ƙwallo, yanzu daga salla sai kwanciya. Da safe fatar idanunsa a kumbure take tashi. Hankalina a tashe yake.

Hajiya Inna: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. An cire masa beli yana jariri? In ba a cire ba to shi ne ya sauko. Ki sa a kira wanzami ya duba, nan take za a rabu da shi.

Malam Ɗanjuma mai kemis: Taifot ne bai mutu ba. Amoksisilin ya yi masa kaɗan, shi ya sa. A sake Widal, gwajin taifot ɗin, in ya hau a koma allura ta kwana biyar. Ƙurajen kuwa jikinsa ne bai karɓi maganin ba, kar a ƙara ba shi dangin fenisilin har abada.

Baban Ummi: Hajiya ki yi haƙuri, amma maganar wanzami a ajiye ta. Maman Sadik, don girman Allah ki kai shi asibiti yau. A 2023 da mashaƙo ya barke a Kano yaron maƙwabcinmu haka ya fara, ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, ana ta ba shi magani a gida. Kafin mako ya zagayo mun kai shi makwancinsa. Har yau in na ji an ce wuya ya kumbura gabana faɗuwa yake.

Maman Sadik: Innalillahi. Allah ya jiƙansa. Baban Ummi ka ƙara tsorata ni wallahi.

Likita Hadiza: Maman Sadik, sannu da jinya. Ba na iya yanke hukunci a kan yaron da ban taɓa jikinsa ba, amma ki amsa min waɗannan. An yi masa rigakafin jarirai duka? Numfashinsa lafiya lau, ko yana wani ƙara in ya kwanta? Yana iya haɗiye ruwa? Ki haska tocila a bakinsa ki faɗa min abin da kika gani. Kaluluwar tana zafi in an taɓa? Yana jin ciwo a ciki, musamman ƙarƙashin haƙarƙarin hagu?

Maman Sadik: Likita na gode. An yi masa rigakafi duka, katin yana nan. Numfashi lafiya, sai dai yana minshari wanda da ba ya yi. Yana shan ruwa da kunu. A baki tsokar nan biyu na gefe sun kumbura, akwai fari-fari a kansu amma ya ragu a kan na makon jiya. Kaluluwar tana ɗan zafi, tana motsi in na taɓa. Ciki ya ce yana jin nauyi a hagu, ba ciwo sosai ba.

Likita Hadiza: To alhamdulillah. Tsoron Baban Ummi yana kan hanya, duk likitan da ya ga farin abu a maƙogwaro da kumburin wuya a ƙasar nan dole mashaƙo ya fara zuwa masa a rai. Sai dai mashaƙo ba ya jan lokaci haka. Cikin 'yan kwanaki yake tsananta, yana shimfiɗa wata fata mai launin toka da ke manne wa maƙogwaro, in an kankare ta jini ya fito, kuma ya fi kama wanda ba a yi wa rigakafi ba. Yaron da ya kai mako uku, ya yi rigakafi, farin kuma yana raguwa, ba shi na fi zargi ba. Duk da haka ido ne zai tabbatar, ki kai shi gobe da safe.

Abin da labarinki ya fi kama da shi wata cuta ce da likitoci ke kira mononukiliyosis. Ƙwayar bairos ce mai suna Epstein-Barr ke kawo ta, a takardar gwaji za ki ga an rubuta EBV. Ta yawu take yaɗuwa: kofi ɗaya, cokali ɗaya, ledar ruwa da ake miƙa wa juna, buroshin haƙori. Tana kwanciya a jiki mako huɗu zuwa shida kafin ta bayyana, shi ya sa ba a cika gane wajen wa aka ɗauka ba.

Abubuwa huɗu a bayaninki suka kai ni can. Kaluluwar bayan wuya, domin ciwon maƙogwaro na bakteriya ya fi kumbura ta gaba, ƙarƙashin muƙamuƙi. Kumburin fatar ido. Kasalar da ta fi ƙarfin zazzaɓin. Sai kuma ƙurajen da suka fito bayan amoksisilin, wannan sanannen abu ne ga masu wannan cutar, yawanci kamar mako guda da fara shan maganin suke fitowa.

Malam Ɗanjuma mai kemis: Likita, da girmamawa, amma Widal ɗin fa ya nuna. Mu abin da muke gani kullum ke nan. Wannan cutar da kika faɗa shekara ashirin ina sana'ar nan ban taɓa jin wani ya zo da ita ba.

Likita Hadiza: Malam Ɗanjuma, sun zo maka, da sunan taifot suka zo. Widal ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin jiki yake aunawa, kuma a wurin da taifot ya zama ruwan dare mutane da yawa masu lafiya ƙalau in an gwada su zai nuna. Maleriya ma tana iya ɗaga shi. In ana son tabbatar da taifot, jini ake ɗiba a shuka a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Sannan taifot ba ya zuwa da farin maƙogwaro da kaluluwa a ƙeya.

Amma akwai gaskiya a maganarka cewa ba ka cika ganinta ba. A nan yawancin yara suna ɗaukar ƙwayar tun suna ƙanana, kuma a wannan shekarun ko dai ba ta nuna komai ko ta wuce kamar mura. Wanda ya tsallake yarinta bai ɗauka ba, sai ta same shi yana matashi, shi ne take kayarwa. Shi ya sa a Turai da Amurka aka fi saninta a tsakanin 'yan sakandare da jami'a. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya sun riga sun ɗauke ta, da ni da kai kusan tabbas muna ciki.

Maganar kar a ƙara ba shi fenisilin har abada kuwa, kar a rufe wannan ƙofar tukuna. Da yawa daga masu irin waɗannan ƙurajen suna shan maganin daga baya lafiya. A faɗa wa duk likitan da zai gan shi nan gaba yadda aka yi, shi zai tantance. In da ƙurajen sun zo da kumburin leɓe ko toshewar numfashi ko saɓulewar fata, to wannan wani zance ne daban.

Abba Kurna: Ni na karanta cewa Turawa cutar sumba suke ce mata. Maman Sadik a binciki yaron nan da kyau, yaran yanzu sai addu'a.

Maman Sadik: Haba Abba. Makarantar maza ce zalla, kuma ko ba haka ba, wannan ce maganar da za ka faɗa wa uwar da ɗanta ke kwance?

Nas Rabi: Abba ka ji tsoron Allah. Likita yanzu ta gama cewa kofi da cokali ma sun isa. Ka taɓa ganin yadda 'yan kwana ke cin abinci? Mutum shida a kwano ɗaya, ledar fiya wata ɗaya ta zagaya ɗaki. Maman Sadik, ni shawarata in ya kasa cin abinci a yi masa allurar deksametason, tana saukar da kumburin maƙogwaro cikin kwana ɗaya, na sha gani. Ki ware masa kofi da kwano, kuma a raba shi da ƙannensa sai ya warke.

Likita Hadiza: Sista Rabi, a kan deksa zan saɓa miki, kuma ina so kowa ya ji dalilin. Gaskiya ne tana saukar da kumburi, muna ba da ita a asibiti in maƙogwaro ya kumbura har yana neman toshe numfashi. Amma Sadik yana sha yana numfashi, kuma ba mu tabbatar da abin da ke damunsa ba. Kaluluwa da zazzaɓi na makonni a matashi, akwai tibin kaluluwa a lissafi, akwai sankarar jini da sankarar kaluluwa duk da ba su da yawa. Deksa tana rura tibi. Sankarar kuwa tana sa ta noƙe na ɗan lokaci, kaluluwa ta sace, kowa ya yi murna, in an zo gwaji daga baya a kasa ganin komai sarai, a yi asarar makonni masu tsada. Kar a ba yaro mai kaluluwa wannan maganin kafin a ga jininsa.

Ware kofi da buroshi daidai ne. Killace shi ba shi da amfani, domin ƙwayar tana ci gaba da fita a yawu watanni bayan warkewa, ba a iya kulle yaro duk tsawon wannan.

Hajiya Inna, ki gafarce ni Mama, beli ba shi da laifi a nan. Maƙogwaron da ke kumbure in aka sa masa ƙarfe yana iya zubar da jinin da ba a iya tsayarwa a gida, ga haɗarin ɗaukar wata cutar daga askar.

Hajiya Inna: To likita, mu dai haka muka taso muka gani. Allah ya ba shi lafiya, shi ne fata.

Nas Rabi: Na karɓa a kan deksa. Amma ni dai da jariri a gidan ba zan bari ya riƙa ɗaukarsa yana sumbata ba.

Maman Sadik: Likita in na je me zan ce a yi? Ina tsoron a sake cewa maleriya a sallame mu.

Likita Hadiza: Ki ba da labarin daga farko yadda kika ba mu, ki tafi da kwalayen magungunan da ya sha. Ki roƙi a danna cikinsa a duba saifa da hanta. Gwajin farko shi ne na ƙidayar jini, a takarda FBC, kuma ki ce a shafa jinin a gilashi a duba da madubin likita, kar a tsaya a kan lissafin inji kawai. A wannan cutar wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, limfosait, yana yawaita, wasunsu kuma siffarsu ta sauya. Gwajin nan shi ne kuma zai nuna in jini ya yi ƙasa ko akwai ƙwayoyin da ba su dace ba, wato abin da muke tsoro. Akwai wani gwaji na gano mononukiliyosis ɗin kanta mai suna Monospot, in ana yi a inda kika je a yi. A makon farko yakan ƙi nunawa ko da cutar tana nan, amma a mako na uku ya fi zama abin dogaro. A duba hanta. In za a sake gwajin maleriya a yi na madubi, domin na tsinke yana iya ci gaba da nunawa makonni bayan an sha magani an warke.

Kuma kar ranki ya ɓaci in likita ya ce a yi gwajin ƙanjamau. Farkon kamuwa da ita yana kama da wannan sak, kuma ta aska ko allurar da ba a tsabtace ba ma ana ɗauka. Kowa muke yi wa.

Kafin goben: ba ƙwallo, ba kokawa da ƙanne, ba ɗaukar jarka, ba keke. Kuma kar kowa a gida ya riƙa danna masa ciki. In ya ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a hagun ciki, ko ciwon ya harba kafaɗar hagu, ko jiri da gumi mai sanyi, ko yawu ya fara dalala don ya kasa haɗiyewa, ko numfashi ya yi wuya, kar ki jira gari ya waye.

Zainab Gashuwa: Ina bin zancen nan shiru, bari in faɗi nawa don kar a saki jiki. Ƙanwata tana shekara 15 kaluluwa ta fito mata a gefe ɗaya na wuya. Ba ta zafi, shi ya sa muka raina. Ana cewa za ta baje, wata uku tana ƙara girma, yarinya tana ramewa, da dare ta jiƙe sharkaf da gumi. Sai da ta fashe tana ruwa muka je babban asibiti, aka ɗebi ruwan aka gwada, ashe tibi ne, alhali ko tari ba ta yi. Wata shida ta yi tana shan magani, kyauta aka ba mu, yanzu ta warke sai tabo. Ni tun daga nan in an ce min "zai tafi da kansa" sai na tambaya zuwa yaushe.

Likita Hadiza: Zainab, tambayarki ita ce daidai. A mononukiliyosis zazzaɓi da ciwon maƙogwaro sukan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu, kaluluwa kuma tana raguwa a hankali. In an wuce mako shida tana nan yadda take, ko tana girma, ko ta yi tauri ta daina motsi, ko ta fito a saman ƙashin wuya kusa da kafaɗa, ko ga rama da gumin dare, to an bar maganar jira. Hoton ƙirji da ɗiban samfuri daga kaluluwar ke nan. Bambancin ƙanwarki da Sadik shi ne nata gefe ɗaya ne, ba zafi, ba ciwon maƙogwaro, kuma gaba take yi. Nasa ya zo da ƙarfi ne yana ja da baya.

Maman Sadik: Salam 'yan uwa, mun dawo. Likitan ya ce saifarsa ta kumbura, ya sa aka yi hoton ciki aka tabbatar. Jininsa bai yi ƙasa ba, ba maleriya, ƙanjamau babu. Ya ce limfosait ɗin sun kai kashi 58 cikin 100 kuma an ga masu sauyin siffa da yawa. Na hanta an rubuta ALT 140, ya ce ya hau amma ba abin tsoro ba. Monospot ɗin ba sa yi, an kwatanta mana wani wurin gwaji mai zaman kansa, kuɗin ya fi ƙarfinmu yanzu. Farasitamol kawai ya rubuta, ya ce mu dawo bayan mako biyu. Babansa ransa bai yi daɗi ba, ya ce an kashe kuɗi an dawo da farasitamol.

Malam Ɗanjuma mai kemis: Ni ma dai abin da zan ce ke nan. Ko maganin ƙarin jini da na hanta ba za a haɗa masa ba? Kuma tunda ba a yi gwajin cutar kanta ba, ai har yanzu zato ne.

Likita Hadiza: Zato ne, amma mai ƙarfi. Alamomin da sakamakon jinin sun tafi tare, kuma abubuwan da suka fi haɗari an duba ba a gansu ba. Akwai wasu ƙwayoyin, irin su CMV, da ke kawo kusan irin wannan hoton, su ma jinyar ɗaya ce. Da ni ce ba zan ci bashi don wannan gwajin ba, sai in abin ya ƙi tafiya yadda ake sa rai.

Ki ce wa Baban Sadik kuɗin bai tafi a banza ba, da su aka gano saifar, kuma ita ce abin tsaro yanzu. Saifa jaka ce cike da jini. In ta kumbura bangonta yana yin laushi, gwiwar hannu ɗaya a filin ƙwallo tana iya fasa ta, jini ya zuba a ciki ba a gani. Ba kasafai yake faruwa ba, bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, amma in ya faru tiyata ce ta gaggawa. An fi samunsa a makonni uku zuwa huɗu na farko, ko da yake yakan faru bayan haka. Tunda tasa an ga ta kumbura, ba zai koma ƙwallo ba sai likitansa ya sake dubawa ya sallame shi, ko da ya ce ya ji garau.

Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairos, jiki ne ke gamawa da ita. Maganin hanta na kemis da na gargajiya a bar su, hantar tana aiki da yawa yanzu, kuma hawan nan yakan sauka da kansa cikin makonni. Farasitamol ɗin kar a wuce yadda aka rubuta, kuma ki duba, yawancin magungunan mura akwai shi a ciki, kar a ninka ba a sani ba. Asfirin kar a ba shi sam. Ruwan ɗumi da gishiri ya riƙa kurkure maƙogwaro, kunu, romo, shayi da zuma, ruwa da yawa. In idonsa ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu ki koma kafin mako biyun.

Maman Sadik: Makaranta fa? Saura mako uku su fara jarrabawa. Babansa yana so ya koma ranar Lahadi.

Nas Rabi: Ni ban goyi baya ba. A makarantar kwana wa zai hana shi ɗiban ruwa da shara da gudun safe? In manyan ɗalibai suka ce ya yi tsallen kwaɗo zai ce musu saifa?

Malam Sani, malamin sakandare: Ina koyarwa a ta kwana. In aka kawo takardar asibiti ana ɗauke wa yaro aiki da wasanni, muna yi. Amma gaskiyar Sista ce, abin da ke faruwa a ɗakin kwana bayan an kashe fitila ba ma gani. In gidan ba nisa, a nemi alfarma ya riƙa zuwa daga gida ranakun jarrabawa kawai. Wasu shugabannin suna yarda, wasu ba sa yarda.

Likita Hadiza: Ta fuskar yaɗa cuta babu abin da zai hana shi shiga aji da zarar zazzaɓi ya tafi. Damuwata biyu ce, saifa da kasala. Kasalar ita ke daɗewa, wasu wata ɗaya, wasu wata biyu ko uku, kaɗan har wata shida, kuma a nan ake zaluntar yaran, a ce lalaci ne ko ba sa son karatu. Kwanciya dare da rana ma ba ta taimakawa, ya riƙa ɗan zagayawa a tsakar gida gwargwadon ƙarfinsa, in ya gaji ya huta. Ni na fi son a jira dubawar mako biyun kafin a yanke, amma ku da likitan da ya taɓa cikinsa ne za ku yanke.

Baban Ummi: Alhamdulillah da ba mashaƙo ba ne. Likita wata tambaya, 'yata shekararta 13, katin rigakafinta ya ɓace, uwarta kuma ba ta tuna ko an kammala ba. Ya wuce lokaci?

Likita Hadiza: Bai wuce ba. Ka kai ta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ka ce ba a san matsayin rigakafinta ba, akwai allurar Td da ake yi wa manyan yara, ta mashaƙo da sarƙe haƙora. Ba sau ɗaya ake yi ba, ka tabbata an rubuta maka ranar komawa.

Maman Sadik: Malam Sani, in na samu takardar asibitin, wajen shugaban makaranta zan kai ko wajen malamin ɗakin kwanansu? Babansa dai har yanzu yana kan Lahadi.